Kafin ki tura wa iyaye saƙon nan, Malama

Assalamu alaikum. Ni malamar aji uku ce a firamare, yara 32 ne a hannuna. Jiya bayan an dawo daga tara, yara maza biyu suka yi gardama kan wurin zama, ɗaya ya ture ɗaya, ya faɗi ya bugi gefen benci, goshinsa ya fashe har sai da aka yi masa ɗinki. Kafin dare wata uwa ta rubuta a zauren WhatsApp na iyayen ajin cewa ta ji an fasa wa yaro kai, a faɗa musu ɗan waye ya yi. Hedimasta ya ce in rubuta wa iyaye duka saƙo ba tare da ambaton sunan kowa ba. Na rubuta na goge, na rubuta na goge. Me zan faɗa, me zan bari?

Malamar aji uku

Wa alaikumus salam, Malama. Allah ya ba yaron lafiya, ke kuma ya sauƙaƙa miki.

Ajiye wayar tukuna. Akwai gidaje biyu da suke da haƙƙin jin muryarki kafin sauran gidaje talatin su ga rubutunki, kuma idan aka tsallake su, duk kyan saƙon da kika tsara ba zai gyara abin ba. Uwar da ta karanta labarin ɗanta a zaure tare da kowa, ko da babu suna a ciki, za ta ji an mayar da ita bare a maganar da ta fi shafar ta.

Tun kafin kiran ma, ki zauna ki rubuta abin da ya faru a littafin makaranta, ko a takardar da za ki ba hedimasta ya ajiye. Ki sa rana da lokaci, inda kike tsaye, abin da kika gani da idonki, abin da yara suka gaya miki daga baya, taimakon farko da aka yi, da lokacin da aka sanar da gida. Ki raba abin da kika gani da abin da kika ji, kada su cakuɗe. Idan kina rubutu a allo ne, faɗuwar kawai kika ji, haka za ki rubuta. Dalilin wannan takarda shi ne za ki ba da labarin nan sau uku ko huɗu ga mutane daban-daban, kuma iyaye suna haɗuwa su gwada abin da aka gaya wa kowa. Da zarar an ce wa wannan gida "ya ture shi", an ce wa wancan "sun yi kokawa ne", to an buɗe sabuwar rigima, kuma a wannan karon da ke za a yi.

Ki fara da gidan yaron da ya ji ciwo. Sun riga sun san an yi ɗinki, amma ba su ji yadda abin ya auku daga bakin wadda aka ba amanar ajin ba. Ki tambayi jikinsa, ki ba da labarin a jere kamar yadda kika rubuta, ki nuna bai yi miki daɗi ba da hakan ta faru a hannunki. Tunda a kai ne ya bugu, ki tuna musu su sa masa ido sosai na kwana biyun farko: in ya yi ta amai, ko ciwon kan yana ƙaruwa, ko barci ya yi masa nauyi har tashinsa ya yi wuya, ko ya rikice a magana ko tafiya, su koma asibiti nan take. Mai yiwuwa likita ya faɗa musu, maimaitawa ba ta ɓata komai. Tambayoyi biyu za su yi miki, ki shirya musu. Ta farko, "Ina kike lokacin?" Ki faɗi gaskiya. Ta biyu, "Wane hukunci aka yi wa wancan?" A nan ki ce makaranta tana magana da iyayensa, kuma kamar yadda ba za ki tattauna ɗansu da wani gida ba, haka ba za ki tattauna ɗan wani da su ba. Abin da za ki iya yi musu alkawari shi ne abin da ya shafi ɗansu: inda zai zauna in ya dawo, wanda zai lura da shi lokacin tara, da ranar da za ki sake kiran su.

Gida na biyu shi ne wanda aka fi mantawa, ko a kira shi da murya mai zafi. Iyayen yaron da ya yi turin suna cikin kunya da fargaba, wataƙila ma sun ga tambayar da aka yi a zaure sun yi shiru gabansu na faɗuwa. Ki gaya musu abin da ya aikata, ba tare da kin yi wa halinsa fassara ba. "Ya ture abokinsa ya faɗi ya ji ciwo" magana ce da uba zai iya ɗauka ya yi aiki da ita. "Ɗanka ya cika faɗa" kuwa kare kai kawai za ta jawo. Ki sanar da su cewa wancan yana samun sauƙi, ki roƙe su su zauna da yaron su ji ta bakinsa maimakon duka, domin yaron da aka daka saboda ya yi amfani da hannu, darasin da yake ɗauka shi ne mai ƙarfi ke da iko. Idan sun ce suna so su je dubiya ko su taimaka da kuɗin magani, abu ne mai kyau, amma ki bari makaranta ta fara tambayar ɗaya gidan ko sun shirya karɓarsu. Kada ki ba wani lambar wayar wani ba da izini ba.

Duka gidajen biyu ki gaya musu cewa saƙo zai fita ga iyayen aji, ki karanta musu shi a waya kafin ya fita. Ba izini kike nema ba, amma sau da yawa a nan ne uwa za ta ce, "Don Allah a cire maganar asibiti," kuma ta fi ki sanin dalili.

Yanzu ga saƙon kansa. Wataƙila kin tambayi kanki amfanin ɓoye suna alhali yara talatin sun gani da idonsu, kuma kowannensu ya kai labari gida tun jiya. Gaskiya ne, yawancin iyayen sun san su waye. Amma abin da yaro ɗan shekara takwas ya faɗa a gida yana shuɗewa cikin mako guda. Abin da makaranta ta rubuta kuwa yana zama a waya, a ɗauki hotonsa, a tura wa wanda ba ya cikin ajin, a fito da shi bayan shekara biyu in wata rigimar ta taso. Magana zarar bunu ce, balle wadda aka rubuta. Yaron da makarantarsa ta rubuta sunansa a matsayin wanda ya fasa wa wani kai zai daɗe yana ɗauke da wannan tambari, iyaye su riƙa ce wa 'ya'yansu kada su zauna kusa da shi. Wanda ya ji ciwon ma yana da nasa sirrin: lafiyarsa ba abin tattaunawar jama'a ba ce. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989 ta tanadi duka biyun, sashe na 16 kan kare sirrin yaro da mutuncinsa, sashe na 19 kan kare shi daga cutarwa. Saƙonki yana tsakanin waɗannan biyun ne: ya tabbatar wa iyaye ana kula da tsaron 'ya'yansu, ba tare da an tozarta ko ɗaya daga yaran ba.

Abin da ya fi ba mutane wahala shi ne cire suna kaɗai ba ya wadatarwa. A aji mai yara 32, bayani biyu ko uku sun isa su nuna mutum ƙarara. In kin ce "yara maza biyu", kin rage rabin ajin. In kin ƙara "da ke zaune a layin baya", saura huɗu ko biyar. In kin ce "wanda muka sha yi wa gargaɗi" ko "wanda bai daɗe da zuwa ba", kin faɗi sunan ke nan. Haka ma bayanin ciwon: gobe duk wanda ya ga yaro da filasta a goshi ya gama karanta saƙonki. Don haka ki ce "ɗalibai biyu", ki ce "rauni", ki tsaya nan. Kada ki faɗi abin da ya haɗa su, domin da kin ce wurin zama ne, iyaye za su fara shari'ar wanda ya riga zama.

Ga yadda zan rubuta shi da ni ce:

"Assalamu alaikum, iyayenmu na aji uku. Jiya da safe saɓani ya shiga tsakanin ɗalibai biyu a cikin aji, har ɗaya ya samu rauni. An ba shi kulawa nan take, an sanar da iyayensa, kuma yana samun sauƙi. Mun yi magana da iyayen ɗaliban biyu kai tsaye, makaranta tana bin lamarin tare da su. Idan ba a kira ku ba, ɗanku ko 'yarku ba ya cikin waɗanda abin ya shafa.

Ba za mu ambaci sunan kowa ba, muna kuma roƙon kada a ambata ko a yi hasashe a wannan zaure. Duka biyun yara ne ƙanana, kuma da ɗan kowannenku ne, irin wannan sutura za mu yi masa.

Yara da dama sun ga abin da ya faru, wasu sun tsorata. Idan naku ya kawo maganar, ku saurare shi, ku tabbatar masa abokinsa yana samun sauƙi, ku tuna masa cewa in an ɓata masa rai ya zo wurin malama, kada ya rama da hannu. Daga gobe malami zai riƙa tsayawa a ƙofar aji lokacin dawowa daga tara, yara su shiga layi-layi. Mai tambaya ko damuwa game da ɗansa ya kira ni bayan an tashi, ko ya zo ofishin hedimasta. Mun gode da haɗin kanku."

Ki lura da jimlar nan, "Idan ba a kira ku ba". Ita ce mafi amfani a cikin saƙon gaba ɗaya. Duk uwar da ta ga an ce yaro ya ji ciwo a ajin ɗanta, tambaya biyu ce ke zuwa mata kafin komai: ɗana ne aka ji wa, ko ɗana ne ya yi? Idan ba ki amsa mata ba, za ta nemi amsar a wurin wasu iyayen, kuma ta haka ne sunaye ke fara yawo. Amma jimlar ba ta zama gaskiya sai in kin riga kin yi kiran nan biyu, shi ya sa na ce ki fara da su.

Ki lura kuma da maganar tsayawa a ƙofa. Misali na kawo, ke za ki sa abin da kuka yanke da hedimasta. Sharaɗin kawai ya zama abu ɗaya takamaimai da za a fara gobe, wanda yaro zai iya komawa gida ya ce, "E, yau Malama ta tsaya a ƙofa." Cewa "za mu ƙara sa ido" ba ta kwantar wa kowa hankali, domin babu yadda za a gane an yi ko ba a yi ba. Kuma kada ki rubuta alkawarin da ba ki da ikon cikawa. "Hakan ba za ta sake faruwa ba" ba a hannunki take ba, yara ne, kuma ranar da wani ya sake faɗuwa za a tuna miki da ita.

Akwai kalmomi iri biyu da nake so ki guje musu, kowanne yana ɓata wa gida ɗaya rai. Na farko masu rage abin: "ɗan ƙaramin hatsari", "wasan yara", "ba wani abu ba ne". Matar da ta riƙe ɗanta ana yi masa ɗinki, in ta karanta haka, za ta ɗauka makaranta na son rufe maganar, kuma ita ce za ta fito zaure ta ba da cikakken labari, har da hoto. Na biyu masu kumbura abin: "hari", "mugunta", "cin zali". Wannan ta ƙarshen musamman ki yi hattara da ita. Dan Olweus, masanin halayyar ɗan Adam ɗan ƙasar Suwidin da ya fara nazarin cin zali tsakanin ɗalibai tun shekarun 1970, ya bambanta shi da faɗa na yau da kullum da abubuwa uku: ana yi da niyyar cutarwa, ana maimaitawa, kuma ɗaya ya fi ɗaya ƙarfi ko goyon baya ta yadda wanda ake yi wa ba ya iya kare kansa. Turi guda cikin fushi tsakanin sa'o'in juna bai cika waɗannan ba, ko da raunin ya yi muni. Girman ciwon ya zo ne daga gefen benci, ba lallai daga girman niyyar ba. Duk da haka ki bincika a hankali, ki tambayi kowane yaro shi kaɗai ko an saba yin haka. In ya tabbata an daɗe ana takura wa ɗaya, to aikin da ke gabanki ya fi saƙo girma, amma ko a lokacin ba a zaure za a yanke hukuncin ba.

Shi ya sa ma ban sa "an hukunta wanda ya yi" a cikin saƙon ba. Na san wasu iyaye ita suke jira. Amma da kin rubuta ta, tambaya ta gaba ita ce wane irin hukunci, sai wani ya ce ya yi kaɗan, wani ya ce a kore shi, iyayen yaron suna karantawa. Abin da aka yi da shi tsakanin makaranta ne da gidansu.

Kafin ki tura, ki ba wata malama da ta san yaran amma ba ta ji labarin ba ta karanta. Ki tambaye ta abu biyu: za ki iya cewa su waye? Kin ji marubuciyar ta fi karkata ga wani ɓangare? In ta amsa e ga ɗaya, ki sake dubawa. Sannan hedimasta ya gani ya amince, kuma ya fi kyau saƙon ya fita da sunan makaranta, ko da sunanku ku biyu, don kada ki zama ke kaɗai ce abin nuni. Ki tura shi yau. An riga an yi tambaya a fili, kuma kowace sa'a da ta wuce makaranta na shiru, wani yana cike gurbin da nasa labarin. Idan akwai iyayen da karatu ke yi wa wuya, ki yi saƙon murya, amma ki karanta rubutun nan daidai yadda yake. A saƙon murya ne baki ke zamewa, mutum ya ƙara "kun dai san halin yaran nan" ba tare da ya shirya ba.

Ita kuma uwar da ta fara tambayar, kada ki ba ta amsa a zaure, kada kuma ki ɗauke ta a matsayin mai neman fitina. Yawanci tsoro ne ke sa a yi irin wannan tambaya, tana so ta san ko ɗanta yana zaune kusa da haɗari. Ki kira ta ita kaɗai, ki gaya mata ɗanta lafiya yake kuma ba ya ciki, ki bayyana mata abin da aka canza, ki roƙe ta ta goge abin da ta rubuta. In ta nace sai ta ji suna, ki ce mata, "Maman wane, da naki ne, ba zan faɗa wa kowa ba, shi ya sa ba zan faɗa miki na wani ba." Da wuya a samu uwar da za ta yi musu da wannan. Idan duk da haka wani ya rubuta suna a zaure, mai kula da zauren yana iya goge saƙon ga kowa, kuma yana iya rufe zauren na kwana ɗaya ko biyu ta yadda masu kula kaɗai ke iya rubutu. A goge, a kira mutumin a yi masa bayani cikin mutunci, kada a yi masa faɗa a gaban jama'a. Rufewar kuma kada ta daɗe, in ba haka ba sai a buɗe wani zauren da babu ke a ciki.

Yaran ajin ma suna bukatar nasu bayanin, minti biyar ya isa, kuma ya yi daidai da abin da iyayensu suka karanta: abokinku yana samun sauƙi, manya suna kula da maganar, ba a tsokanar kowa a kanta. Kada ki tsayar da wanda ya yi turin a gaban aji ya ba da haƙuri. Haƙurin da aka tilasta a gaban mutane kunya kawai yake koyarwa. In wanda ya ji ciwon ya dawo kuma ya yarda, ki haɗa su su biyu a gabanki, kowa ya faɗi abin da ya faru da yadda ya ji, sannan a ba da haƙurin.

Duk wannan da na faɗa na saɓani ne irin naki. Da a ce an yi amfani da wuƙa ko reza da gangan, ko abin ya shafi taɓa jiki ta hanyar da ba ta dace ba, ko yaron ya ce shi ma haka ake yi masa a gida, to ba za a fara da saƙon zaure ba. Hedimasta ne zai ɗauki maganar ya kai ga hukumar da ke kula da kare yara, su faɗi abin da za a sanar da lokacin da za a sanar.

Bayan mako guda ki sake kiran gidajen biyu ko da babu wani sabon abu. A tsakanin nan ki riƙa duba filin wasa lokacin tara: shin wanda ya ji ciwon yana gudun shiga aji ko yana ƙorafin ciwon ciki da safe, shin wanda ya yi turin yana zaune shi kaɗai an daina wasa da shi. In kin ga ɗaya daga ciki, da gidan yaron za ki yi magana. Sauran iyaye ba sa bukatar saƙo na biyu, sai dai in an sake canza wani tsari da ya shafi 'ya'yansu duka.